Daga yadi zuwa doguwar riga: kurakuran da teloli ke yi wajen tsara bidiyon ɗinki

Teloli da yawa a Zariya, daga Sabon Gari har Samaru da Tudun Wada, sun koma nuna aikinsu a waya. Ɗinkin yakan fita tsaf, amma bidiyon ya ƙi bin sawun ɗinkin. Mafi yawan lokaci ba laifin wayar ba ne. Rashin rubuta tsarin bidiyon ne, wato abin da za a nuna da abin da za a faɗa, tun kafin a taɓa yadin.

Babban kuskuren shi ne a fara aiki, sai an yi nisa a tuna da ɗauka. Almakashi sau ɗaya yake ratsa yadi. In ya wuce ba a ɗauka ba, babu sakewa sai dai a sayo wani. Shi ya sa za ka ga bidiyo ya buɗe da ƙyallaye a kan keke, mai kallo bai taɓa ganin yadin a shimfiɗe ba, alhali daɗin irin wannan bidiyon duk yana cikin ganin yadda abu ya tashi daga shimfiɗaɗɗen ƙyalle ya zama sutura. Gyaran mai sauƙi ne. A samu takarda a ja layi a tsakiya, ɓangare ɗaya a rubuta abin da ido zai gani, ɗayan kuma abin da kunne zai ji. Sannan a sa alama a kan matakan da ba sa maimaituwa: yadin kafin yanka, zanen alli, shigar almakashi na farko, da gutsattsarin rigar a jere kafin a haɗa su. A manna takardar a bango kusa da teburin yanka.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi. Doguwar riga ce mai buɗewa daga ƙirji zuwa ƙasa, da yadi mara zane, ruwan toka, yadi 4. Ƙirjin mai rigar inci 38 ne, tsawon rigar inci 58. Bidiyon daƙiƙa 60 ake so.

Daƙiƙa 4 na farko, yadin ne a shimfiɗe a kan tebur, hannu yana shafa shi, murya ta ce: "Wannan yadi 4 ne, ko ɗigon zane babu. Ku tsaya ku ga abin da zai zama." A nan ne mutane da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Sai a fara da doguwar gaisuwa, da sunan shago, da godiya ga masu bibiya, daƙiƙa 15 sun tafi ba a ga ko zare ba. Ba cewa nake a yar da sallama ba, tarbiyyarmu ce. A yi ta a gajarce, yadin yana kan fuskar waya tun daga farko, sunan shago kuma ya jira ƙarshe.

Daga nan zuwa daƙiƙa ta 20, awo ne da zanen alli da yanka. Kuskuren da ya fi ci mini rai yana nan: murya tana maimaita abin da ido ya riga ya gani. Almakashi yana yanka, tela yana cewa "yanzu ina yankawa". Mai kallo ai ya gani. Abin da bai gani ba shi ne dalili, kuma dalilin nan shi ke nuna masa cewa gwani ne ke riƙe da almakashin. A aikinmu, ga abin da ya dace a rubuta: "Ƙirji 38 ne. Na ninka yadin, don haka na raba huɗu, ya ba ni 9 da rabi. Na ƙara inci ɗaya da rabi na sakewa da na ɗinki, ya zama 11. Tsawo 58, na ƙara 2 na kalmasa." Mai koyo ya ƙaru, mai neman tela kuma hankalinta ya kwanta.

Akwai wani abu da yadi mara zane ke bukata wanda atamfa ba ta cika bukata ba. Fuskarsa da bayansa sukan yi kama ƙwarai, har sai riga ta haɗu a ga hannu ɗaya ya fi ɗaya sheƙi. Gogaggen tela yana sa alamar alli a bayan kowane yanki da zarar ya yanke shi. A saka wannan a rubutun, daƙiƙa 3 sun ishe shi.

Ɗinkin kansa ba ya son tsawo. Daga daƙiƙa ta 20 zuwa ta 40, a zaɓi wurare uku kawai a ɗauke su daga kusa: haɗa kafaɗa, sa hannu, da sa zif. Ba wanda zai zauna kallon dogon ɗinkin gefe daga hammata har ƙasa. Kuma kada a yi magana keke yana aiki, balle ga janareton maƙwabci da ƙarar masu Keke Napep a bakin titi. A ɗauki hoton shiru, da dare ko da sassafe a karanta muryar a ɗora. Kafin nan a karanta rubutun da ƙarfi ana duba agogo. In ya haura lokacin da aka ware masa, a rage kalmomi, kada a ƙara saurin baki.

Haske ma ya kamata ya shiga takardar. Riga takan ci kwana biyu ko uku, sai a ɗauki yanka da hantsi a bakin ƙofa, a ɗauki ɗinki da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ruwan tokan nan sai ya koma kamar shuɗi a wani wuri, ya yi ja-ja a wani, har mai kallo ya fara zargin an sauya yadi. Tunda babu zanen da zai shaida cewa shi ne, launin kaɗai ne shaida. A rubuta lokaci ɗaya da wuri ɗaya a gefen kowane mataki, a bar wayar a tsaye yadda aka fara, hasken ƙofa yana faɗowa kan yadin, ba yana bayansa ba.

Daƙiƙa 20 na ƙarshe na rigar ne, kuma a nan gaggawa ke kama mutane. Sai a ɗaga riga a hannu, ba guga, ga zare yana reto, ga sauran alli a wuya. Yadi mara zane ba ya rufa wa tela asiri: duk inda ɗinki ya tattare, waya za ta nuna shi. Don haka guga mataki ne a cikin rubutun, a nuna dutsen guga yana buɗe ɗinkin kafaɗa, sannan a nuna rigar a jiki ko a kan mutum-mutumin shago, gaba da baya da gefe, a sauko a hankali daga wuya zuwa kalmasa.

In mai rigar ce za ta sa, a nemi izininta tun ranar awo, ba ranar karɓa ba: "Hajiya, ina so in nuna aikin nan a waya, kin yarda? Ba zan nuna fuska ba, ba kuma zan kira suna ba." Awon jikinta ma sirrinta ne, in za a ambace shi kada a haɗa shi da abin da zai sa a gane ta. In ta ce a'a, a nuna a kan mutum-mutumi.

Jimlar rufewa ta ɗauki abin da mai son ɗinki zai tambaya: yadi nawa rigar ta ci, kwana nawa ake yi, da unguwar da shagon yake. Kuɗin ɗinki kuwa gara a rubuta shi a ƙasan bidiyon, inda za a iya gyarawa, domin farashin zare da zif da shafi yana sauyawa, muryar da aka ɗora kuma ba ta gyaruwa.