Kurakuran da ake yi wajen nuna wa abokin aiki gyara a rahotonsa

Sababbin ma'aikata na ta maimaita abin da ya taɓa jawo mini asarar mutunci, shi ya sa nake wannan rubutu.

Babban kuskure shi ne faɗin gyara a bainar jama'a. A 2020 wani dattijo a ofishinmu ya kawo rahoton kuɗi na wata uku. Na ga kayan naira 2,400,000, harajin VAT kuma naira 120,000, wato kashi 5 cikin ɗari. Na san an ƙara harajin zuwa kashi 7.5, don haka a lissafina 180,000 ya kamata a gani. Ana tsakiyar taro, gaban shugabanmu, na ɗaga hannu na ce akwai giɓin dubu sittin. Malam bai ce uffan ba. Ya buɗe fayil, ya zaro rasit, ya turo mini. Kwanan watan Janairu ne a jiki, ƙarin kuwa sai 1 ga Fabrairu ya fara aiki. Shi ke da gaskiya. Kuma kalmar “giɓi” a maganar kuɗi, kowa ya san zargin da take ɗauke da shi. Mun fi wata shida daga gaisuwa sai gaisuwa.

To ku da kuke jefa irin wannan a zauren WhatsApp na ofis, me kuke nema? Ko gaskiyarku ce, kun ci fuskar mutum, dole ya tsaya kare kansa maimakon ya duba takardar.

Kuskure na biyu yana cikin wannan labarin: na yanke hukunci ban bincika ba. Yanzu kafin in buɗe baki sai na sake lissafin da kaina, na duba kwanan wata, na tabbatar sabon kwafi ne a hannuna. Sannan in jira ya keɓe, galibi bayan azahar, in je da takardar in ce: “Malam, a shafi na huɗu na sami 180,000, na ga an rubuta 120,000. Ko akwai abin da ban lura da shi ba?” Lambar nake tambaya a kai, ba na cewa “kun yi kuskure”. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Kada ka ce “rahoton nan akwai matsala” ka wuce. Faɗi shafi da layi. Kada ka gyara a ɓoye, domin shi zai sa hannu, shi za a tambaya. Kada kuma ka bari sai ranar miƙawa.

Idan kuskuren ya tabbata, bar shi ya gyara ya kai da kansa, kai kuma ka rufe bakinka. In ya ƙi dubawa alhali kuɗin jama'a ne, gaya masa ƙarara cewa ba za ka iya yin shiru ba, ka nemi ku shiga wurin shugaba tare, da takardar a hannu.