Yadda na mayar da rubutun bidiyon minti 10 zuwa minti 5

Rubutun bidiyona kan tarihin garin Mai-Wurno na Sudan ya kai kalma 1,300, minti 10 ke nan a bakina. Ina bukatar 650.

Kowane sakin layi na tambaye shi: in na cire ka, na gabanka zai tsaya? Bayanin kasuwa da Kogin Nilu ya fita, hoto zai nuna su. Amma da aka cire yakin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, sai labarin ya karye, don mai kallo ba zai gane abin da ya fitar da dansa Muhammadu Bello Mai-Wurno, wanda ya kafa garin, daga gida ba. Na dawo da shi cikin jimla biyu.

Sannan na karanta wa kanwata da agogo a hannu. Duk inda ta ce “don me?”, nan na dinke.