Tanki cike, shawa na ɗigo: kurakuran da aka fi yi idan tankin sama ya yi ƙasa

Wani magidanci a bayan Ƙofar Ƙaura ya kira ni da zafin Afrilu, ransa a ɓace. Ya haƙa burtsatse, ya sa sumo, ya sayi tanki mai lita 2,000, amma har gobe da bokiti ake wanka a gidansa. Da safe in an gama buga ruwa shawa tana ɗan taɓukawa, kafin la'asar ta koma ɗigo, bayan magariba ta yi shiru. Famfon tsakar gida kuwa yana zuba abinsa har dare. Da na iso sai ya ce mini, "Malam, na yanke shawara, tanki mai lita 5,000 zan sayo." Na ce, "Alhaji, don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna, a ba ni tef da tsani."

Kuskuren da na fi gamuwa da shi ke nan a cikin Katsina: a ɗauka girman tanki shi ke ba ruwa ƙarfi. Girman tanki yana nuna yawan kwanakin da ruwa zai kai ne kawai. Ƙarfin da ruwa ke fita da shi daga tsayi yake zuwa, wato tazarar da ke tsakanin saman ruwan cikin tanki da bakin famfon da ka buɗe, idan aka auna ta a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Kowace mita 10 ta wannan tazara tana ba da kusan "bar" ɗaya, wato ma'aunin da agogon awon ƙarfin ruwa ke nunawa, mita ɗaya kuma kashi ɗaya cikin goma na "bar". Durom da tanki mai lita 5,000, in saman ruwansu yana daidai da juna, ƙarfi ɗaya za su ba famfo. Da Alhaji ya sayi babban tankin ya ɗora a wuri ɗaya, abin da zai ƙaru da shi ɗan tsawon jikin tankin ne, sai kuma nauyin da ƙarfen da aka ɗora shi a kai ba zai ɗauka ba.

Ga abin da tef ya nuna. Ƙarfen da tankin ke zaune a kai tsayinsa mita 2.5 ne, wajen ƙafa takwas. In tanki ya cika, ruwa yana kai mita 1.5 daga gindinsa, saboda haka saman ruwa yana mita 4 daga ƙasa. Kan shawa yana mita 2.2 daga daɓen banɗaki. A nan mutane ke yin kuskure na biyu, domin suna mantawa cewa an ɗaga ginin gida sama da tsakar gida. A gidan nan an cike harsashi da rabin mita, don haka kan shawa yana mita 2.7 daga ƙasar da ƙarfen tanki yake tsaye.

To, a cire. Tanki cike, tazarar mita 1.3 ce kacal. In ruwa ya yi rabi, ta koma ɗan sama da rabin mita. In ya kusa gindi, saman ruwa ya zo daidai da kan shawa, kuma ruwa ba ya hawa sama da inda ya fito. Famfon tsakar gida da ke ƙasa-ƙasa yana da tazarar mita biyu ko fiye ko da tanki ya kusa ƙarewa, shi ya sa bai taɓa yin ƙorafi ba. Wannan ita ce alamar da ba ta ƙarya: in famfunan ƙasa suna zuba, na sama suna rauni, kuma raunin yana ƙaruwa yayin da tanki ke sauka, tsayi ne matsalar. Awon kuma daga gindin tanki ake yin sa zuwa famfon da ya fi kowane tsayi a gidan, domin tanki ba kullum yake cike ba. Inda ƙasar gida ba ta daidaita ba, tiyo mai haske da magina ke ɗaukar lebur da shi ya fi tef faɗin gaskiya.

Amma kafin a kira mai walda, a tabbata ba toshewa ba ce, don na ga wanda ya ɗaga tanki da kuɗi mai yawa alhali yashi ne ya cike kan shawarsa. Ruwan burtsatse yakan zo da yashi mai laushi, musamman sabuwar rijiya, kuma ruwa marar ƙarfi ba ya iya wanke shi daga bututu. A kwance kan shawa a buɗe ruwa: in ya zubo da kyau daga bututun tsirara, kan ne ya toshe. A kwance ɗan rariyar da ke bakin famfon kicin a wanke. A duba makullin da ke gindin tanki, wani lokaci rabi yake buɗe tun ranar da aka ɗaura shi. Yadda za a bambance shi ne, toshewa famfo ɗaya ko layi ɗaya take kamawa, kuma ba ruwanta da ko tanki cike yake ko rabi. Akwai wata alamar kuma: famfon da ya toshe yakan feso ruwa da ƙarfi na daƙiƙa ɗaya sannan ya lafa.

Idan famfo yana tari, yana tofo ruwa da iska, iska ce ta maƙale a bututu. Gidajen da tankinsu ya yi ƙasa sun fi fama da wannan, domin sau da yawa ana bi da bututu ta cikin silin, sama da gindin tanki. Ruwa na sauka ƙasa da wannan tudun, iska ta shiga ta zauna, kuma ko an sake cika tanki, ɗan ƙarfin da ke akwai ba ya iya ture ta. Maganinsa a sauko da layin ya bi ƙasa, a kuma sa bututun numfashi a mafitar tanki, ya miƙe sama ya wuce murfin tankin, bakinsa a rufe da raga saboda ƙwari da ƙurar hunturu.

Sai kuskuren da ya fi ba ni takaici, don wasu masu aikin famfo ma suna yin sa: a rage faɗin bututu wai don ruwa ya ƙara ƙarfi. Hujjarsu ita ce in ka danne bakin tiyo da babban yatsa ruwa yana yin nisa. Gaskiya ne yana nisa, amma ka tara bokiti ka gani, sai ya fi daɗewa bai cika ba. Matsatsen bututu cinye ƙarfin ruwa yake yi a hanya, haka kowace gwiwa da kowace mahaɗa. Ramin bututu mai inci ɗaya ya ninka na rabin inci kusan sau huɗu. A gidan Alhaji, rabin inci aka ja tun daga gindin tanki, tafiyar mita 20, da gwiwa tara. Wanda yake da tazarar mita 1.3 ba shi da rarar da zai zubar a hanya. Ƙa'idar da nake bi ita ce a fito daga tanki da inci ɗaya ko fiye, a raba wa ɗakuna da uku bisa huɗu na inci, rabin inci kuma sai a guntun ƙarshe da ke shiga famfo. In ana buɗe famfon kicin shawa tana mutuwa, to babban layin ne ya yi ƙanƙanta.

Mun ɗaga tankin zuwa mita 6, wajen ƙafa 20. Tazarar shawa ta koma mita 4.8 in tanki cike yake, kuma ba ta sauka ƙasa da mita 3.3. Na gaya wa Alhaji tun kafin a fara kada ya sa ran irin shawar otal. Yawan ruwan da ke fita ba ya ninkuwa daidai da tsayi: sai ka ninka tazara sau huɗu kafin ruwa ya ninka sau biyu. Mun gwada da bokitin lita 10. A da minti uku yake ɗauka a ƙarƙashin shawa, tanki cike. Bayan ɗagawa ya koma kusan minti ɗaya da rabi, da muka sauya babban layi zuwa inci ɗaya ya sauko minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Wanka ya yiwu safe da dare. Wannan gwajin bokiti a yi shi kafin aiki da bayan aiki, shi ke raba gardama tsakanin mai gida da ma'aikaci.

Wajen ɗagawar nan ne ganganci yake iya zama asarar rai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 2,000 tan biyu ne a saman kan iyali. Kada a yarda a jona guntayen ƙarfe a ƙafafun tsohon abin ɗora tanki, kada kuma a jera bulo a ƙarƙashin tankin don a samu ƙarin ƙafa biyu. Sabon ƙarfe mai kauri ake yi, da sanduna a gicciye tsakanin ƙafafu, ƙafafun a binne su cikin kankare. Duk wanda ya ga iskar farkon damina a Katsina ya san dalili, kuma tanki marar ruwa ya fi saurin tashi, don haka a ɗaure shi. Gindin tankin roba yana son shimfiɗa mai santsi da ta tallafe shi gaba ɗaya, in ya zauna a kan sanduna biyu zai tsage. A kuma lura da wayoyin lantarki da ke wucewa ta saman katanga. Abu ɗaya da ake mantawa: a tabbata sumo zai iya kai ruwa sabon tsayin, wanda dama da ƙyar yake cika tanki zai ƙara jinkiri.

Inda ba a iya ɗagawa, kamar gidan haya ko bene, ana sa injin busta mai kunna kansa in an buɗe famfo. Yana aiki, amma akwai inda ake ɓata shi. Ana ɗaura shi ba tare da hanyar kewaye ba, sai a ɗauke wuta ruwa ya ƙara rauni fiye da da, tunda yanzu sai ya ratsa ta cikin inji. A yi masa layin kewaye mai makulli. A zaɓi wanda ke kashe kansa in tanki ya ƙare, in ba haka ba zai yi ta juyawa a bushe har ya lalace. Kuma tsofaffin mahaɗai da suka saba da ɗan ƙarfi suna iya fara yoyo cikin bango da zarar inji ya matsa musu. Bayan an ɗaura, a rufe duk famfunan gida a saurara: in injin yana tashi da kansa lokaci-lokaci, akwai yoyo a wani wuri, kuma tankin masai ne wurin da za a fara dubawa.