Kurakuran da aka fi yi a hanyar Newton idan tushe ya maimaitu

Ranar Asabar wata ɗaliba ta kawo mini takardarta a Yalwa, nan Bauchi, ta cika shafi da lissafi amma amsa ta ƙi zama. Ta ce, "Malam, ko kalkuleta ce ta lalace?" Lafiyarta ƙalau. Tambayar ce ke ɗauke da tushe mai maimaituwa, kuma a nan na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe. Tushe shi ne `x` ɗin da ke mayar da `f(x)` sifili, shi ake nema da hanyar Newton.

Hanyar dai sananniya ce: ka ja miƙaƙƙen layin da ya shafi lanƙwasar a inda kake, inda ya yanke layin `x` shi ne sabon hasashenka.

```
x₁ = x₀ − f(x₀)/f'(x₀)
```

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa kullum gudu take yi. A `x² − 2`, daga 1.5 za ka samu 1.416667, sai 1.414216, sai 1.414213562. Lambobin da suka dace kusan ninkawa suke yi a kowane taki, domin sabuwar tazara tsakanin hasashe da tushe tana bin tsohuwar ne sau kanta. Amma da sharaɗi: kada `f'` ya zama sifili a kan tushen.

Tata tambayar `x³ − 3x + 2` ce, wato `(x − 1)²(x + 2)`. A kan 1 lanƙwasar taɓa layin kawai take yi ta koma sama, don haka `f` da `f'` tare suke ƙanƙancewa. Daga 2 ta samu 1.5556, 1.2979, 1.1554, 1.0796. Na ce ta dubi abin da ke bayan ɗigon: kowane taki kusan rabin tazarar kawai yake ci. Wannan ce alamar. Idan tushe ya maimaitu sau `m`, abin da ke saura bayan kowane taki kusan `(m − 1)/m` ne na tazarar baya: rabi ga biyu, biyu bisa uku ga uku.

Gyaran ba wuya, a ninka takin sau `m`:

```
x₁ = x₀ − m·f(x₀)/f'(x₀)
```

Da `m = 2` ta sake farawa daga 2: 1.1111, 1.00195, 1.0000006. Taki uku kacal. Sai dai kada a saka `m` da ka. Wanda ya saka 2 a tushen da bai maimaitu ba, tsallake shi zai riƙa yi gaba da baya. A fara yin taki huɗu ko biyar da hanyar asali, a raba girman kowane taki da na wanda ya gabace shi, a ga inda sakamakon ya nufa, domin `(m − 1)/m` ke nan.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tsayawa don `f(x)` ya yi ƙanƙanta. A 1.001, `f` kusan 0.000003 ne, mutum ya ɗauka ya iso, alhali lamba ta uku bayan ɗigo ma ba ta dace ba. Gara a riƙa duba bambancin hasashe biyu na jere, a kuma tuna cewa a tushe mai maimaituwa sau biyu, ba tare da gyaran nan ba, tazarar da ta rage kusan girman takin ƙarshe take.