Kurakuran da aka fi yi wajen sa imoji a rubutun ƙasan hoto na kasuwanci da aiki

Kafin a wallafa hoton kaya ko sanarwar ofis, a goge duk imojin da ke cikin rubutun, a sake karantawa. In maganar ta tsaya da ƙafarta, imojin na iya komawa ya taimaka wa ido. In kuwa an rasa farashi, ko wuri, ko abin da ake so mai karatu ya yi, to an ɗora wa imoji aikin kalma. Yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Ga irin rubutun da masu sayar da atamfa ke yawan sakawa a Instagram:

🔥🔥🔥😍😍 SABON KAYA YA SAUKA 💃💃💯💯 💰18 🚚✅ 👇👇👇

Imoji 15, kalma 4. Instagram yana nuna farkon rubutu ne kawai, kusan haruffa 125, sauran sai an taɓa kafin ya buɗe, kuma mai gungura waya ba kasafai yake taɓawa ba. A nan an ɓatar da wurin da ya fi tsada a kan wuta da rawa. Buhun kuɗi da 18 bai faɗi ko dubu 18 ba ne, ko kuɗin turmi ne ko na yadi. Motar da ke gefe ta fi haɗari: wata za ta ɗauka kai kaya kyauta ne, musamman da ta ga alamar ✅ kusa da ita, sai rigima ta tashi ranar da ɗan aike ya nemi kuɗinsa. Gyaran shi ne a faɗi komai da kalma, a bar imoji ya nuna inda kowane bayani yake:

Sabuwar atamfa ta sauka, kala 6, turmi ₦18,000. Muna kaiwa cikin Kano, kuɗin mota na mai saye ne.
📍 Kantin Kwari, Kano
🕘 Litinin zuwa Asabar, 9 na safe zuwa 6 na yamma
📞 A kira lambar da ke saman shafi

Imoji uku suka rage, kowanne a farkon layi, kowanne da bayani guda a bayansa. Wanda ke neman lokacin buɗe shago idonsa zai faɗa kan agogo kai tsaye. A irin wannan wurin ne imoji ke ƙara fahimta. A lura kuma an rubuta ₦ da hannu, domin babu imojin naira. Takardar 💵 dala ce, kuma sa ta kusa da farashi na jawo tambayar da ba a buƙata.

Kuskure na biyu shi ne ɗauka cewa abin da ka gani a wayarka shi kowa ke gani. Ƙungiyar Unicode ce ke tsayar da lamba da sunan kowane imoji, amma zanen na kamfanoni ne: Apple na da nasa, Samsung da Google haka, WhatsApp ma da nasa. Imojin da ya fito bana zai iya bayyana a matsayin akwati fanko a tsohuwar wayar Android da ta daina samun sabuntawa, kuma irin waɗannan wayoyin suna da yawa a hannun masu saye. Tutoci ma haka: a kwamfuta mai Windows sau da yawa tutar Najeriya kan fito a matsayin haruffa NG, ta Nijar kuma NE. Kamfanin da ke sanar da reshe a Maraɗi ya rubuta Maraɗi, Nijar, kada ya dogara da tuta. A tsaya kan tsofaffin imoji da kowa ya sani, kuma a duba rubutun a waya ta biyu mai kamfani daban kafin a saki.

Akwai kuma masu karatun da ba sa ganin zanen kwata-kwata. Makafi na amfani da TalkBack a Android ko VoiceOver a iPhone, kuma waɗannan manhajojin suna furta sunan imoji ne. Salon nan na sa 👏 tsakanin kowace kalma yana sa a ji sunan tafi a tsakiyar jimla sau biyar ko shida, maganar ta tarwatse. Shi ya sa imoji ke zama a farkon layi ko bayan aya, ba a cikin jimla ba.

Inda mutunci ya fi zubewa shi ne wajen da aka sa imoji a madadin hujja. Mai tallan zuba jari da ya jera 🚀📈💰 yana alƙawarin riba ne ba tare da ya furta ba, kuma kotu na iya karanta shi haka. A 2023, a shari'ar kamfanin Dapper Labs, wani alƙalin kotun tarayya a New York ya ce waɗannan imoji uku ma'anarsu ɗaya ce, wato ribar jari. A shekarar dai, wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta ɗauki 👍 da wani manomi ya aika a matsayin amincewa da kwantiragin sayar da amfanin gona, ta umarce shi ya biya sama da dalar Kanada 82,000. Don haka mai kula da shafin kamfani kada ya amsa tayin farashi da babban yatsa in nufinsa kawai ya ga saƙon. Ya rubuta "mun gani, za mu amsa". Haka ✅ kusa da "yana maganin suga" ko 💯 kusa da "na asali": mai hankali ya san kowa na iya danna su. Lambar rajistar NAFDAC ko sunan kamfanin da ya yi kayan ya fi su nauyi nesa ba kusa ba.

Wasu sanarwar kuma ba sa ɗaukar imoji ko ɗaya: ta'aziyya, neman afuwa kan jinkirin kaya, ƙarin farashi, gargaɗin lafiya, rufe reshe. Murmushi a ƙarshen "mun ƙara kuɗin makaranta" kamar ba'a yake zuwa wa iyaye. A ta'aziyya kuwa an sha rikita 😂 da kuka saboda hawayen da ke jikinsa, alhali dariya ce har da ƙwalla. "Allah ya jiƙansa" ya wadatar. Masu sayar da kayan lambu da 'ya'yan itace su kuma su yi hattara da 🍆 da 🍑, domin a intanet an daɗe da ba su ma'anar batsa.

In za a kwafi rubutun zuwa saƙon tes na jama'a da yawa, a cire imojin gaba ɗaya. Tes na yau da kullum na ɗaukar haruffa 160, amma imoji guda ɗaya yana sauya tsarin saƙon ya koma 70. Sanarwa mai haruffa 150 da za ta tafi a tes ɗaya sai ta zama uku, kuma in mutum 2,000 ake aika wa, an biya kuɗin tes 6,000. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma suna jawo wannan sauyin, don haka a dubi ƙidayar da manhajar aikawa ke nunawa kafin a danna.