Sunan mutum na dā: a bar shi a layi, a fassara shi a ƙasa

Ga abokan aikin fassara a nan Yamai, ga yadda nake yi da sunayen mutanen dā. Ina barin suna yadda yake a cikin layi, ba na fassara shi, domin da wanda ya fassara Tanko da wanda ya fassara Audi, duka sun mayar da suna kirari.

Bayani a ƙasan shafi sai inda labarin kansa ya dogara ga ma'anar sunan. Ku dubi Ishaku: asalinsa a Ibrananci daga kalmar dariya ne, kuma a Littafi Mai Tsarki, Farawa 21:6, uwarsa Saratu ta ce Allah ya sa ta dariya. Mai karatun Hausa ba zai ji wannan wasan kalma ba, saboda haka layi ɗaya na bayani ya wadatar a farkon fitowar sunan, ba a sake maimaitawa.

Amma a jerin zuriya, inda sunaye ke bin juna ba tare da labari ba, bayani nauyi ne kawai. Inda kuma masana suka saɓa kan asalin suna, kamar Maryamu, gara a yi shiru da a ɗauki hasashe ɗaya a buga shi tamkar tabbas.