Yadda na gane zanen tafiyar bayanai na wani shagon magani

An ba mu zanen tafiyar bayanai na wani kyamis a Sabon Gari, wato zanen akwatina da kibiyoyi da ke nuna inda bayani ke fitowa da inda yake zuwa, wai mu fitar da kura-kuran da ke ciki, ni kuwa duk akwatinan sun rikiɗe min. Abin da ya warware min shi ne na daina kallon siffa tukuna, don salon yin zanen ba ɗaya ba ne, salon Yourdon da'ira yake sa wa aiki, salon Gane da Sarson kuma akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi, to ka ga siffa kaɗai za ta ruɗa mutum.

Sai na koma bin sunaye. Duk sunan da ke da kalmar aikatau a ciki, kamar "Duba saura" ko "Rubuta rasit", aiki ne, wani abu ya shigo masa ya fita a canje. "Kundin magunguna" ma'ajiya ce, ba ta yin komai, sai dai a zuba ko a ɗiba. Mai saye da dila 'yan waje ne, suna ba da bayani suna karɓa amma ba sa cikin tsarin. Kibiya kuwa sunan bayanin da ke tafiya take ɗauka, oda ko farashi, ba kwalin maganin kansa ba.

Daga nan kuskuren ya fito fili, kibiya ce ta taso daga dila kai tsaye ta faɗa kundin magunguna. Hakan bai halatta ba sam, dole kowace kibiya ta taɓa aiki ko da a gefe ɗaya, ai dila ba ya zagayowa bayan kanta ya rubuta a littafin shago da hannunsa. Na saka "Shigar da sabon kaya" a tsakani. Sai kuma "Duba saura" da kibiyoyi ke shiga babu mai fita, na ja masa ɗaya zuwa "Rubuta rasit" na sa mata suna adadin da ya rage.